Wasiyyar magidanci mai bakuna da yawa: abin da ya so, da abin da ya yiwu

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne, Musulmi, ya haura shekara sittin, kuma lafiyarsa ƙalau a lokacin da ya nemi a rubuta masa wasiyya. Matansa biyu. Mahaifiyarsa tana raye, ta tsufa ƙwarai. 'Ya'yansa rayayyu goma sha biyu ne, maza biyar, mata bakwai, ƙananan cikinsu ba su balaga ba tukuna. Ban da waɗannan akwai wasu da ke ci a ƙarƙashinsa: jikoki uku marayu, 'ya'yan babban ɗansa da ya riga shi rasuwa, ƙanwarsa wadda mijinta ya mutu ta dawo hannunsa, ɗan wani amininsa marigayi da ya riƙe tun yana yaye, da kuma agola, ɗan amaryarsa da ta zo da shi daga aurenta na fari. Zan riƙa kiransa Alhaji, kuma maimakon kuɗi zan auna dukiyarsa da kaso, domin lissafin ya fito fili.

Buƙatunsa a bayyane suke. Yana son gidan da suke ciki ya zama na uwargida. Yana son 'yarsa mai lalurar ƙafa, wadda ba ta iya tafiya, ta samu fiye da 'yan'uwanta mata. Yana son a cire ɗaya daga cikin 'ya'yansa maza daga gado, saboda ya cinye jarin da aka ba shi kuma ya daina ko gaishe shi. Yana son jikokin nan su karɓi abin da ubansu zai samu da yana raye. Sannan a ba ƙanwarsa, da ɗan riƙon, da agolan wani abu, a kuma ware wani yanki don sadaka mai gudana.

Kowace doka tana da inda take tsayar da mai wasiyya, sai dai wurin tsayawar ya bambanta. A Ingila mutum na iya barin dukiyarsa ga wanda ya ga dama, amma dokar 1975 ta ba iyali da waɗanda yake ɗauke da nauyinsu damar zuwa kotu idan an bar su ba komai. A Faransa akwai rabon da aka killace wa 'ya'ya: rabin dukiya idan ɗa ɗaya ne, biyu bisa uku idan biyu ne, uku bisa huɗu idan sun kai uku ko fiye. Alhaji kuwa ya ce a kan shari'ar Musulunci yake son a raba abin da ya bari, bisa mazhabar Malikiyya, kuma dokar inda dukiyarsa take ta yarda da haka. Wannan shi ne abin da na fara tabbatarwa, don takardar da ta dace da fiƙihu amma kotun wurin ba ta san ta ba, wahala kawai za ta bar wa iyali.

A shari'a tsarin fitar da haƙƙoƙi sananne ne: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sai gado. Wasiyya kuma tana da iyaka biyu. Ba ta wuce sulusi, wato ɗaya bisa uku na abin da ya rage bayan bashi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ya kuma gaya masa cewa sulusin ma da yawa, barin magada a wadace ya fi barinsu suna roƙon mutane. Iyaka ta biyu ita ce babu wasiyya ga magaji, domin Allah ya riga ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, a ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Saboda haka aikin farko shi ne a raba mutanen Alhaji gida biyu. Matansa, mahaifiyarsa da 'ya'yansa magada ne. Wasiyya ba ta ƙara musu, ba ta rage musu. Jikokin da ƙanwar 'yan'uwa ne na jini, amma 'ya'ya maza rayayyu sun katange su daga gado. Ɗan riƙo da agola kuwa ba su da hanyar gado tun asali. Waɗannan na gida na biyu su ne wasiyya za ta iya kaiwa gare su, kuma su ne waɗanda in ya mutu bai rubuta komai ba za su tashi hannu rabbana.

Da na shimfiɗa masa wannan, sai ya ce, "To Barista, ashe rabin abin da ya kawo ni ba zai yiwu ba ke nan?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ta wasiyya ne ba zai yiwu ba. Wasu za su yiwu ta wata hanya, amma sai kana raye kuma kana da lafiya."

Batun ɗan da yake so a cire bai ɗauki lokaci ba. Abubuwan da ke hana gado ƙididdigaggu ne, kamar kashe wanda za a gada da bambancin addini, kuma saɓa wa iyaye, duk muninsa, ba ya cikinsu. Da an rubuta a cire shi, alƙali zai watsar da wannan layi, abin da zai saura kawai shi ne ɗacin da ɗan zai ji ranar karanta takardar a gaban ƙannensa. Abin da na tambaya shi ne jarin nan: kyauta ce ko rance? Idan kyauta ce ta riga ta fita. Idan rance ne, bashi ne da za a bi ɗan, a cire daga rabonsa. Alhaji ya yi shiru, ya ce lokacin da ya ba shi bai ce masa rance ba ne. Aka bar maganar a nan. Ban yarda a mayar da kyauta rance a kan takarda ba, domin ayar gado ta sharɗanta cewa wasiyya da bashi kada su zama hanyar cutarwa.

Gidan uwargida ya fi wannan sarƙaƙiya. Ita magajiya ce, don haka ba a yi mata wasiyyar gidan, ba a kuma yi mata wasiyyar zama a cikinsa har ta mutu, domin amfanin gida ma dukiya ne. Abin da take da shi kai tsaye shi ne zama a gidan tsawon takaba, wata huɗu da kwana goma. Alhaji ya ce to zai ba ta kyautarsa yanzu. Nan ma akwai cikas. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiya. Idan mutuwa ko ciwon ajali ya riske shi kafin haka, kyautar ta ɓaci ta koma cikin gado. Mutumin da ya ce ya bayar da gida alhali yana kwana a ciki, amaryarsa da 'ya'yanta suna ciki, da wuya a ce gidan ya bar hannunsa. Irin wannan kyauta ita ce ke rushewa a kotu, a bar mace da takarda marar amfani da gaba tsakaninta da 'ya'yan kishiya.

Mafita ta fito ne daga ƙirgen dukiya. Da muka zauna muna jera abin da ya mallaka, sai ya ambata cewa lokacin ginin gidan uwargida ta sayar da abin da ta gada daga mahaifinta ta ba shi, da alkawarin zai biya, kuma bai biya ba har yau. Wannan bashi ne na gaske, kuma bashi yana gaban wasiyya da gado. Iƙirarin bashi ga magaji idan an yi shi cikin lafiya yana tsayawa. Idan aka jinkirta shi sai a kan gadon ciwon ajali, malaman Malikiyya suna duba ko akwai zargin son kai, kuma zargin na iya rushe shi. Saboda haka muka rubuta iƙirarin a takarda ta daban, da ranar da aka karɓi kuɗin da adadinsu, da shaidar mutum biyu da suka san lokacin da aka sayar da kadarar. Na nemi a karanta shi a gaban amarya da manyan 'ya'ya. Alhaji bai so ba da farko, amma bashin da aka fara jin labarinsa ranar rabon gado kowa kallon ƙirƙira yake yi masa.

Dukiyar gaba ɗaya ta kama kaso 420. Bashin uwargida 25 ne, sauran basussuka da ƙiyasin hidimar jana'iza 15. Saura 380.

Sai 'yar mai lalura. Ita ma magajiya ce, amma a nan kyauta tana iya aiki, domin akwai wani shago da Alhaji ya ba haya, ba ya zaune a ciki, darajarsa kaso 20. Tambayar ita ce ko ya halatta ya fifita ta a kan sauran. Hadisin Nu'umanu bin Bashir, inda Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe ɗa ɗaya da ita, ya kuma yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya, shi ne abin da dole a tsaya a kansa. A Malikiyya abin ƙi ne mutum ya ba wasu 'ya'yansa dukiyarsa duka, amma ba da wani yanki nata ya halatta, kuma malamai da dama sun yi sauƙi idan dalilin fifikon buƙata ce irin ta rashin lafiya. Kaso 20 cikin 380, ga 'yar da ba za ta iya fita neman na kanta ba, na ga yana cikin abin da za a iya karewa a gaban alƙali da gaban 'yan'uwanta. Abin da na dage a kai shi ne kyautar ta fita da gaske. Aka sauya sunan da ke kan takardar mallaka. Aka rubuta wa ɗan haya cewa daga yanzu ita ce mai shagon, aka sabunta yarjejeniyar haya da sunanta, kuɗin haya ya koma shiga asusunta. Da Alhaji ya ci gaba da karɓar hayar da kansa yana cewa ai yana ajiye mata ne, da duk wanda ke son ƙalubalantar kyautar ya samu hujja, tunda ita baliga ce mai hankali, babu dalilin da wani zai karɓa a madadinta.

Yanzu abin da ya rage 360 ne, sulusinsa 120. Da muka haɗa abin da Alhaji ya yi niyyar bai wa jikoki, ƙanwa, ɗan riƙo, agola da sadaka, sai ya kai 150. Ya wuce sulusi da 30. Abin da ya wuce sulusi yana rataye ne a kan yardar magada, kuma ba abin dogaro ba ne. Yardar da suka bayar yana raye da lafiya ba ta ɗaure su. Suna iya janyewa bayan ya rasu. Yaro ƙarami ba shi da yarda, waliyyinsa kuma ba shi da ikon yin kyauta da dukiyarsa. Idan ba su yarda ba, sai a rage wa kowane wanda aka yi wa wasiyya gwargwadon nasa har jimilla ta dawo 120, wato kowa ya rasa ɗaya bisa biyar na abin da aka rubuta masa, marayun da ƙanwar da ba ta da kowa duk a ciki.

Amma ni ban tsaya a kan a dawo 120 ba, kuma wannan ne wurin da na fi ɓata lokaci da shi. Mutane suna ɗaukar sulusi kamar wani kuɗi ne na daban da ke gefe, alhali daga bakin magada ake cire shi. Na yi masa lissafin a takarda. Matan biyu suna raba sumuni, ɗaya bisa takwas. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Idan aka kasa dukiyar kashi 24, mata sun ɗauki 3, mahaifiya 4, saura 17 na 'ya'ya. Maza biyar kowanne rabo biyu, mata bakwai kowacce rabo ɗaya, ya zama 17 daidai. To idan babu wasiyya sam, kowane ɗa zai samu 30, kowace 'ya 15. Idan aka cire sulusi cikakke, ɗa ya koma 20, 'ya ta koma 10, kowace mata ta tashi da 15. Na nuna masa sunayen ƙananan 'ya'yansa mata da ke makarantar firamare, na ce kowaccensu sulusin rabonta ne zai tafi, kuma su ma marayu za su zama a ranar. 'Yar da yake tausayi ita ma a cikin masu asarar take.

Ya daɗe yana kallon takardar. Na gaya masa cewa an ruwaito Ibn Abbas yana cewa da ma mutane su sauko daga sulusi zuwa rubu'i, saboda Annabi (SAW) ya ce sulusin da yawa. Ga mai 'ya'ya goma sha biyu, a ganina ko rubu'in ma yana da nauyi. Muka tsaya a kan humusi, ɗaya bisa biyar, wato 72. Abin da ya saura wa magada 288: kowace mata 18, mahaifiya 48, kowane ɗa 24, kowace 'ya 12.

Rabon humusin ya tafi haka: jikoki ɗaya bisa uku nasa, 24, ƙanwa ɗaya bisa huɗu, 18, ɗan riƙo ɗaya bisa shida, 12, agola da sadaka kowanne ɗaya bisa takwas, tara tara. Abin da ya fi faranta wa Alhaji shi ne jikokin, su ukun a haɗe, sun samu daidai da abin da kowane baffansu zai samu. Matsalar jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa tsohuwa ce, har Masar ta kafa dokar wasiyyar dole a 1946, wadda ke ba irin waɗannan jikoki rabon mahaifinsu matuƙar bai wuce sulusi ba, ko kakan bai rubuta ba. A fiƙihun da Alhaji ya zaɓa babu wannan tanadi, don haka in bai rubuta ba babu mai rubuta musu.

Yadda aka tsara kalmomin yana da muhimmanci kamar lissafin. Alhaji ya so a ce "a ba su rabon ubansu." Na ƙi wannan lafazi, domin malamai sun saɓa kan yadda ake lissafa wasiyya da kwatankwacin rabon ɗa, ko a ƙara mamacin cikin masu rabo ko a auna da rabon rayayyu yadda yake, kuma hanyoyin biyu ba su ba da adadi ɗaya. Na kuma ƙi a rubuta tsayayyen kuɗi ko a ce gona kaza ta wane ce. Ba da dukiyar ranar rubutu ake auna sulusi ba, da abin da ya bari ake aunawa. Ɗan kasuwa na iya mutuwa da ninkin abin da yake da shi yau, ko da rabinsa. Kuɗin da yau humusi ne gobe yana iya haura sulusi, gonar da aka ambata kuma yana iya sayar da ita ya manta, wasiyyar ta tafi da ita. Kaso kuwa yana tafiya da dukiyar duk inda ta nufa. Muka kuma bayyana cewa jikokin uku, namiji ɗaya da mata biyu, za su raba nasu daidai wa daida, don kada wani ya zo ya ɗora musu ƙa'idar gado, da cewa idan ɗaya daga waɗanda aka yi wa wasiyya ya riga Alhaji rasuwa, nasa ya koma cikin gado, sai dai jika, wanda nasa zai koma ga 'yan'uwansa.

Rabon magada kuwa ban rubuta adadinsa a wasiyyar ba ko kaɗan. Jimla ɗaya ce: abin da ya saura a raba shi ga magadan da suke raye ranar rasuwa bisa shari'a. Dalili shi ne ranar mutuwa ake sanin magaji. Mahaifiyar Alhaji na iya riga shi, sudusinta ya koma ga 'ya'ya. Amarya na iya sake haihuwa. Lissafin 24 da 12 na nuna masa ne don ya ga nauyin abin da yake yi, na ajiye shi a fayil.

Game da gida, abin da ya shiga takardar roƙo ne, kuma an rubuta ƙarara cewa roƙo ne, ba ya ɗaure kowa. Gidan ya kama kaso 100. Bashin uwargida da rabonta sun kai 43, rayayyun 'ya'yanta, maza biyu da mata uku, suna da 84 a tsakaninsu. Idan aka haɗa ya zarce kuɗin gidan, don haka Alhaji ya roƙi magada su bar wa wannan ɗaki gidan a cikin rabonsu, a ba ɗakin amarya daga sauran kadarori, bayan masu kimantawa biyu sun yi wa komai kuɗi. Ba a tauye kowa ba, kuma alƙali zai iya amincewa da shi a madadin yara idan ya ga babu cutarwa.

Wasiyyan da aka naɗa don zartar da wasiyyar biyu ne, ƙanin Alhaji da wani abokin kasuwancinsa, kuma ba za su sayar da kadara ba sai da sa hannunsu tare. Na ba da shawarar kada a sa babban ɗan da ke raye, domin a gida mai ɗaki biyu duk abin da ya yi ɗaya ɗakin zai karanta shi a matsayin son kai. Su ne kuma za su riƙe rabon jikoki da na agola, su biya makaranta da magani, su miƙa saura idan yaran sun mallaki hankalin kansu. Na agola musamman ba a bar shi a hannun mahaifiyarsa ba, don kada a ce dabara ce ta ƙara wa amarya rabo ta bayan fage.

Ranar sa hannu likita ya fara ganinsa ya rubuta cewa hankalinsa da lafiyarsa daidai suke. Shaidu biyu adalai suka halarta tare, babu magaji ko wanda aka yi wa wasiyya ko matar ɗayansu a ciki. Wannan ya cika sharaɗin ɓangare biyu: a Malikiyya takardar da aka tsinta da rubutun mamaci ba tare da ya kafa shaida a kanta ba, ba a zartar da ita, domin yana iya yiwuwa ya rubuta ne yana shawara, a dokar Ingila ta 1837 kuwa, wadda ƙasashe da dama suka gada, shaidan da aka bar wa wani abu yana rasa abin. An karanta masa takardar da harshensa layi bayan layi, ya sa hannu a kowane shafi, aka ajiye asalin a wurin ajiyar wasiyyoyi na kotu, kwafi ɗaya a wurina.

Abu biyu suka rage da takarda ba ta rufe ba. Ƙanwarsa tana zaune ne a wani ɗaki cikin gidan, kuma kaso 18 ba lallai ya saya mata muhalli ba. Mun bar shi a kan zai nema mata wuri tun yanzu ya mallaka mata, da sharaɗin karɓa irin na shagon. Na biyu, ɗan nan da ya so cirewa zai karɓi 24 ɗinsa cif, kuma Alhaji yana tsoron zai salwantar. Baligi ne, babu yadda wasiyya za ta riƙe masa rabonsa; sai dai idan alƙali ne ya tabbatar da wautarsa ya hana shi tasarrufi, kuma wannan ƙara ce ta daban da ke buƙatar hujja. Mun yi yarjejeniya zai dawo a sake duba takardar idan aka yi haihuwa ko rasuwa a gidan, ko ya ƙara aure, ko ya sayi ko ya sayar da wata babbar kadara.